Takardar da Aka Ninke Huɗu

Wallahi a shekarar nan ta 1983 naira ta zama abin takaici. Halliru mai hatsi na Baɓura yakan sayar da buhu ɗari bashi, ranar da kuɗin suka shigo hannunsa sai su saya masa saba'in. Jarinsa yana zagwanyewa yana kallo.

Babban mai sayen kayansa Alhaji Daudu ne na Kazaure, ɗan kwangilar da ke ciyar da leburorin wani kamfanin titi. Alhajin yayan Tasalla ne, matar Halliru, kuma ba ya biya sai bayan wata uku.

Da abin ya ishi Halliru sai ya tafi wurin Julius mai tafireta a bakin tashar Kazaure, ya zazzage masa cikinsa. Julius ya buga masa sabuwar takardar neman biya mai sharaɗi uku. A biya cikin kwana goma sha huɗu. In an wuce, kuɗin gero ya bi farashin kasuwar Baɓura na ranar biya. Wake kuwa, tunda da sefa ake sayo shi a Nijar, da sefa aka rubuta kuɗinsa, a biya da naira bisa canjin ranar da aka biya.

"Amma Malam," in ji Julius, "ka karanta masa, ya sa hannu kafin a sauke kaya. In bai yarda tun farko ba, ado kawai na buga maka."

Halliru ya ce ya ji. Ya ɗauko wake buhu hamsin bashi daga Ma'u, abokin cinikinsa na Magarya ta Nijar, a kan sefa dubu goma kowane buhu, lokacin naira ɗaya tana sefa ɗari biyu. Ya haɗa da geronsa buhu arba'in, aka nufi Kazaure.

A zauren Alhaji aka kawo fura, aka tambayi lafiyar Tasalla da yara. Yanzu mutum ya dubi idon yayan matarsa ya ce masa sa hannu? Kunya ta hana Halliru ta da zancen takardar. Alhaji ya taya buhun wake naira hamsin da shida, na gero talatin, shi kuma bakinsa ya suɓuce ya ce, "Na sallama." Sannan ya ninke takardar huɗu, ya tura ta ƙarƙashin tabarmar Alhaji kamar mai ba da goro.

Kwana goma sha huɗu suka wuce, shiru. Sai da wata uku suka cika cif Alhaji ya kira shi, ya ƙirga masa naira dubu huɗu. A ranar buhun gero yana naira arba'in da biyar, naira kuma ta koma sefa ɗari da hamsin. Kuɗin waken gaba ɗaya ba su kai bashin Ma'u ba, saura sefa dubu tamanin.

"Yaya, ba haka takarda ta ce ba."

"Wace takarda? Ni cinikin baki na sani. Ka sallama ko ba ka sallama ba?"

"Na sallama, amma..."

"To kuɗin ruwa kake so ka ci a kaina?"

"Kuɗin ruwa!" Halliru ya miƙe. "Buhuna nake so ya dawo buhu! Ma'u sefa yake bina, ba naira ba!"

"Ka nuna min inda na sa hannu."

Babu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu wanda zai kai wa ƙara, don ko a kasuwa ko a gaban alƙali, abin da baki ya sallama shi ne ciniki. Ma'u kuwa mutum ne da ya ba shi kaya shekara tara babu shaida, Halliru ba zai ci amanarsa ba. Ranar kasuwa ya kora ɗaya daga shanunsa biyu na huɗa ya sayar, Tasalla tana tsaye a ƙofar gida tana kallo.

Bayan mako guda ya biya ta wurin Julius, don ya faɗa masa cewa shi ke da gaskiya. Ya tarar da shi yana jera takardu, ya hango sunan Alhaji Daudu a saman ɗaya. Ya ɗauka. Takardar neman biya ce zuwa ga kamfanin titi: kwana goma sha huɗu, farashin ranar biya, canjin sefa. A ƙasa ga sa hannun manajan kamfanin da hatimi.

"Yaushe aka buga wannan?"

Julius ya sosa ƙeya. "Washegarin da ka kai masa kaya. Taka ya kawo min, duk ta ninke, ya ce in kwafe masa kada in bar ko harafi."