Teburin da Ya Warke da Kansa

Ranar da sabuwar akawu ta kama aiki, Dogo, wanda za ta gada, ya riga ya tafi reshen da aka mayar da shi. Abin da ya bar mata: makullin kabad, biro marar murfi, da takardar miƙa aiki shafi guda.

Ko zama ba ta yi ba Baba Direba ya leƙo.

"'Yata, ke ce sabuwar? To, batun hutuna ne. Ranar Litinin za a yi wa tsohuwata aikin ido, ni zan kai ta."

Ta duba takardar. Dogo ya jera buƙatun da ba a kammala ba, kowace da matsayinta.

"Na ɗaya: fankar ɗakin fayil. An amince, ana jiran sito. Na biyu: kujerar mai gadi. Sito sun ce babu, mai gadi ya ce ya gan ta. Kada ki shiga tsakaninsu. Na uku: hutun Baba Direba. Shugaban sashe ya sa hannu, saura Manaja. Fayil ya shiga ofishinsa uku ga wata, bai fito ba. Na duba ko'ina. Sabon fom zai ci mako biyu. Baba zai zo kullum, ki ba shi haƙuri a tsaye. In ya zauna ba ya tashi."

Ta ɗaga kai. Baba ya riga ya zauna.

"Na huɗu: gyaran teburin Manaja, ƙafa ɗaya na rawa. Shi ya nema. Huɗu ga wata ya ce a bari, tebur ya warke da kansa."

Ta sake karanta na uku, ta dawo na huɗu. Uku ga wata. Huɗu ga wata.

"Baba, fayil ɗinka wane launi ne?"

"Kore. Mai kauri, shekara ashirin ina cika shi."

Ta ƙwanƙwasa ƙofar Manaja, ta shiga gaisuwa. Yana shan shayi. Biron nan marar murfi ya suɓuce mata, ta durƙusa ɗauka. Ga koren abu nan a ƙarƙashin ƙafar tebur, an ninke shi biyu. Ta ce bismillah, ta fizge.

Tebur ya yi ruku'u. Shayi ya bi takardu.

"Ke! Me kika yi wa teburina?"

"Yallaɓai, ciwonsa ne ya tashi. Ga maganin da yake sha."

Manaja ya buɗe fayil, ya ga hoton Baba yana kallonsa, da sawun ƙafar tebur a goshi. Ya yi gyaran murya. Da gwiwa ya tokare tebur ya sa hannu.

"A kira kafinta. Kafin ya zo, samo min wani abu in sa a ƙarƙashin wannan ƙafa."

Ta kai wa Baba takardarsa, yana ta sa mata albarka. Ta rubuta "an kammala" a gaban na uku, "an sake buɗewa" a gaban na huɗu. Sannan ta tsaya gaban kabad tana auna kaurin fayil ɗin kujerar mai gadi.