Kwalbar Ɗanyen Wake

Saura kwana biyu jarrabawa, malamin ya tara ɗalibansa a ɗakin gwaji don bitar tsofaffin tambayoyi. Auta na layin baya kusa da famfo, da farar rigar aiki. Shekararta uku a kamfanin gwangwanin tumatir, kuma wannan kwas ɗin ne zai kai ta ɗakin tukwanen tururi. Ba daƙiƙiya ba ce, amma akwai ta da saurin baki, kafin ka dasa aya ta gama ba da amsa.

Malamin ya ɗauki takardar wani ɗalibin bara. Tambayar ta ce a yi bayanin tsarkin kasuwa a abincin gwangwani, wato matakin kashe ƙwayoyin cuta da ake buƙata kafin a sayar da shi. Ya karanto amsar yana kwaikwayon murya: wai tunda kamfani ma ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, duk zafin da aka samu ya wadatar.

Aji ya kwashe da dariya. Auta ba ta yi ba.

"Wannan ya ji rabin magana ya ruga da ita kasuwa," in ji malamin. "Gaskiya ne, ba komai ake kashewa ba. Akwai ƙwayoyi masu son tsananin zafi da kan tsira, amma ba sa cutar da mutum, ba sa kuma tashi a ɗakin ajiya na yau da kullum. Abin da za ku rubuta shi ne: babu sauran mai kawo cuta, babu sauran mai iya yaɗuwa in an ajiye gwangwanin a kanta ba firji. Mai kisa kam ba a yi masa ragi."

Ya juya allo ya rubuta huɗu da ɗigo shida. Ya ce a ma'aunin tsami, duk abincin da lambarsa ta haura wannan, tsaminsa bai kai ba: nama, kifi, masara, karas, ɗanyen wake. Ƙwayar botulinam daga ƙasa take zuwa, in ta ji wuya sai ta shige ɓawonta ta yi lamo. A cikin tsami ba ta iya farkawa, shi ya sa tafasa ke isar abu mai tsami. Amma a rufe ta da wake inda ba iska, ta samu gida, ta farka ta zuba dafi.

Auta ta ɗaga hannu. "Malam, in aka daɗe ana tafasawa fa? Kamar awa biyu?"

"Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri ɗari, ko ki ƙarar da gas ɗin unguwarku. Ɓawon nan yana jure awoyi a haka. Sai tukunyar matsi, digiri ɗari da ashirin da ɗaya, ya ratsa har tsakiyar gwangwani ya zauna aƙalla minti uku."

Auta ta tuna gida. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana cika kwalabe da tumatir, ta matsa lemon tsami, ta rufe ta tafasa, ba wanda ya taɓa ko ciwon ciki. Bana lambun Baba ya yi albarka, ɗanyen wake har ya fi ƙarfin baki. Mama ta tambayi 'yarta mai karatun gwangwani ko shi ma za a iya yi masa haka. Lokacin satin Auta biyu da fara kwas. Tana ɗaure takalmi ta ce, "Ai ko mu a kamfani ba duka muke kashewa ba, Mama. Ki ba shi awa biyu kawai."

Jiya da rana Baba ya buɗe kwalba ɗaya ya juye a kan latas, ko ɗumamawa bai yi ba. Shi kaɗai ya ci. Da safen nan kuma ya riƙe kofin shayi yana dariya, ya ce kofi biyu yake gani, wanne za a ba baƙo? Ita ce ma ta tsokane shi, ta ce tabaransa ne ya tsufa.

"Malam," ta sake cewa, ba ta ko ɗaga hannu ba, "wanda ya ci, yaya yake farawa?"

Malamin ya ajiye alli ya ƙura mata ido. "Ido ne kan fara, ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta yi nauyi. Baki ya bushe, haɗiya ta gagara. Ba zazzaɓi. Daga nan ya gangaro ƙirji. Wa ya ci?"

"Babana."

"Tashi. Ki kai shi babban asibiti yanzu, ki faɗa musu sunan ƙwayar da bakinki. Ki tafi da kwalbar, ki ɗaure ta a leda, kada kowa ya ɗanɗana."

A baranda ta kira gida. Mama ta ɗauka tana mita, wai Baban naku yau lalaci yake ji, ya kwanta, ya ce ruwa ma shaƙe shi yake yi.

"Ba shi wayar."

Sai ga muryarsa, a dagule kamar mai tuwon ƙasa a baki. "Au...ta. Kin gama... karatun?"

Tsoro ya kama ta. Ta ce wa Mama kada ta sake ba shi ko ɗigon ruwa, ta tayar da shi zaune, ta roƙi maƙwabci ya fito da mota, su haɗu a asibiti, ta taho da kwalbar jiya.

"Kwalbar me? Ni na shinshina ta, ƙalau take."

"Ba kullum yake wari ba, Mama. Don Allah ki taho da ita."

Ta riga su isa. Da motar ta tsaya, maza biyu ne suka kama Baba. Mutumin da ya shekara talatin yana haƙa lambu da hannunsa, yau kansa ya ƙi tsayuwa, idanunsa sun rufe rabi. Ya sa yatsa ya ɗaga fatar ido ɗaya don ya gan ta.

Wata likita ta saurari Auta ba ta katse ta ba, ta karɓi kwalbar a ɗaure cikin leda, ta sa Baba ya hura iska a wani bututu. Ta duba lambar, fuskarta ta canja. Ta ce akwai maganin dafin, za a nemo shi, amma dafin da bai riga ya kama jiki ba kawai yake iya tarewa. Numfashinsa na raguwa, za su sa masa na'ura. Yana jin duk abin da ake faɗa, a kula da baki a gabansa. Aka tura gadon, ƙofa ta rufe.

Suka zauna a benci. Mama na murza bakin mayafinta, tana lissafa abin da ta yi ɗaya bayan ɗaya: ta wanke waken sau uku, ta dafa kwalaben, murafen sababbi ne.

"Ni ce na yi wani kuskuren," in ji ta. "Wataƙila wutar ce ba ta ci sosai ba."

"Ba ke ba ce, Mama."

"To me na rage? Kin ce awa biyu. Wallahi don tsoro uku na ba shi."

Mama ta juyo tana kallon Auta, tana jiran mai karatun gidan ta gaya mata inda ta yi laifi.