Kwalin da Auta Ta Shimfiɗa

A gidan wankin da Yaya da Auta suke aiki akwai wani wuri da kowa yake tsallakewa. Gaban inji na uku ne. Tiyon da ke fitar da ruwan ɗauraya ya yi sako-sako a mahaɗarsa, duk sa'ad da injin ya zubar da ruwa sai kaɗan ya tsiyayo ya kwanta a siminti, faɗinsa bai wuce faranti babba ba. Ta nan ake bi daga wurin busarwa zuwa teburin guga, babu wata hanya. An faɗa wa Manaja ya fi a ƙirga, ya ce za a duba. Da aka gaji da faɗa sai ƙafafun mutane suka koyi wurin. Ko ido a rufe, in ka zo daidai nan ƙafarka za ta buɗe da kanta.

Yaya ta fi kowa daɗewa a gidan. Ita ta raini Auta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kawo ta aikin, ɗaki ɗaya kuma suke kwana tun da mazajensu suka rasu. Mace ce mai ƙarfi da baki. Takan ɗauko zannuwan gadon otel a ninke, ta jibga su a hannu har su kai mata hanci, ta taho tana magana ta bayansu.

"Yaya, ki rage kayan nan mana," in ji Mai Guga. "Ba a ganin komai sai ɗankwalinki."

"Abin da ya kamace ka ka gani ke nan. Ka ga fuskata guga ta ƙone, a ce ni ce."

"Wace fuskar? Ta bara ko ta bana?"

"Ta shekarar da kake da haƙora."

Abin da ke damun Auta shi ne ƙafar Yaya. Faso ya tsattsaga mata dugadugai, ruwan sabulu kuma in ya fantsamo ya shiga tsagar sai ta ja tsaki ta ɗingisa. Wata safiya Auta ta riga kowa isowa, ta ga kwalin sabulu babu komai a ciki. Ta farke shi, ta shimfiɗa a kan ruwan, ta taka ta ji ya zauna. Ta ji daɗi a ranta. Ba ta faɗa wa kowa ba, don a ganinta ba abin faɗa ba ne.

Kwalin ya fi ruwan tsawo. Kafin hantsi injin ya zubar sau uku, ruwan sabulu ya bi ta ƙarƙashinsa har ƙarshe, samansa kuwa a bushe. Yaya ta taho da kayanta har hanci. Ta buɗe ƙafa yadda ta saba, dunduniyarta ta sauka inda kullum take samun busasshen siminti, ranar kuwa bakin kwali ne a wurin. Ya tafi da ita. Hannuwanta a cike, ba ta samu abin dafawa ba, ta sauka a kan ƙugunta na dama.

Auta ce ta fara isa. Zannuwa sun watse sun rufe wurin. Ta ga kwalin ya zame gefe, ya naɗe, da sawun silifas a jikinsa. Kafin Mai Guga ya zagayo teburinsa ta sa ƙafa ta tura shi ƙarƙashin inji. Har ta mutu ba za ta iya cewa ga dalilin da ya sa ta yi haka ba. Ƙafar ce ta yi, kafin kai ya yi tunani.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi aiki aka sa ƙarfe, likita ya ce aikin ya yi kyau. Washegari wata ma'aikaciya ta zo da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, ita ce mai koya wa marasa lafiya tafiya.

"Mama, yau za mu tsaya," ta ce. "Ba nisa, nan bakin gado."

"Ba inda zan tsaya."

"Kwanciyar ta fi karayar haɗari a shekarunki. Ƙirji yana tara majina, jini yana daskarewa a ƙafa. Ƙarfen da aka sa miki zai ɗauke ki, wallahi."

"Ba ƙarfenku nake tsoro ba, 'yar nan." Yaya ta juya ta dubi Auta. "Shekara ashirin da biyu ina tsallake wurin nan. Na tsallake shi da zazzaɓi, na tsallake shi ranar da aka ɗauke wuta. Ranar nan ma na tsallake, na san na tsallake. A busasshiyar ƙasa ƙafar ta tafi. Ƙafar da ta yi mini haka a ƙasar da na sani, ita zan ba amana a wannan tayil ɗin naku mai sheƙi?"

Auta tana riƙe da kofin ruwa. Ta buɗe baki, sai ta ce, "Ki sha ruwa, Yaya."

Kwana uku da faɗuwar, Manaja ya kira mai gyara. Auta tana tsaye tana kallo. Mutumin ya tsuguna bayan inji, ya zura wa tiyon wani zoben ƙarfe mai sukuru, ya ɗaure, ya tura bakin tiyon sosai cikin magudana. Ya sa aka kunna inji aka zubar da ruwa, ko ɗigo bai fito ba. Duka-duka bai kai tafasar shayi ba. Ya leƙa ƙarƙashi ya jawo kwalin da ya riga ya fara ruɓewa.

"Wannan ne mugun," ya ce, yana ɗaga shi da yatsa biyu. "Ruwa ko banza ana ganinsa. Wannan ya ɓoye shi, ya kuma zama jirgi. In ruwa ya zuba a goge shi a busar, a nemo inda yake fitowa. Kada a rufe."

"Wa ya sa wannan a nan?" in ji Manaja.

Mai Guga ya ɗaga kafaɗa. Auta ta sunkuya tana ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke.

A makon nan aka shimfiɗa tabarmar roba mai huji-huji a gaban injinan, mai kama ƙasa. Aka rataye mofa ta goge ƙasa da busasshen tsumma a ƙusa kusa da wurin. Aka canja ƙwan fitilar da ya daɗe da mutuwa a saman hanyar. Manaja ya fito da wani keken tura kaya da ke jibge a sito, taya ɗaya kawai yake so, ya ce daga yau kada wanda ya sake ɗaukar kaya ya wuce masa ƙirji. Komai a cikin gidan yake ko a shagon bakin titi. Auta takan zo wurin ta ji ƙafarta ta buɗe za ta tsallake abin da babu shi.

Kullum bayan an tashi takan tafi asibiti da niyyar faɗa wa Yaya gaskiya. A mota take shirya maganar. In ta shiga ta ga Yaya ta ƙara shigewa cikin katifa sai maganar ta koma. Takan ce a ranta, bari ta ɗan ji sauƙi tukuna. Mai koyar da tafiya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta samu dai Yaya tana yarda a tayar da ita zaune, shi ma da ƙyar. Ranar ta shida tari ya fara. Ranar ta takwas zazzaɓi ya zo, aka sa mata robar iska a hanci.

Ranar ta tara da yamma Auta tana shafa mata mai a dugadugai. Fason ya fara haɗewa, tunda ƙafar ta daina taɓa ruwa. Ganin haka ne ya karya wa Auta zuciya.

"Yaya, ba ƙafarki ba ce."

"Me?"

"Kwali ne. Ni na shimfiɗa a kan ruwan da safe, saboda fason nan. Ya wuce inda kike sauka. A kansa kika taka. Da kika faɗi na tura shi ƙarƙashin inji."

Auta ba ta saki ƙafar ba, ba ta kuma ɗaga kai ba.

"Kwali," in ji Yaya.

"Kwalin sabulu."

"Wato na tsallake."

"Kin tsallake, Yaya. Sarai kika tsallake."

"Na faɗa muku." Tari ya sarƙe ta, ya daɗe kafin ya sake ta. "Kwana tara, Auta. Kina zaune nan kina ba ni ruwa, ina zagin ƙafata."

"Na ji tsoro."

"Tsoron me? Duka? Da wane hannun?" Ta lumshe ido. "Tun kina ƙarama haka kike. Ki fasa kwano ki ɓoye a bayan randa, mu yi ta nema." Ta buɗe idon. "Je ki kira mini yarinyar nan mai ƙarfen dogarawa."

Ma'aikaciyar ta zo, ta duba allon da ke jikin gado, ta dubi nas. Nas ta ce a gwada, amma a hankali. Suka zaunar da ita, suka jira jiri ya wuce, suka sauko da ƙafafun. Auta ta durƙusa ta shafa tayil ɗin da tafin hannunta ta tabbatar a bushe yake, ta goge man da ta shafa, ta sa mata takalmi mai kama dunduniya. Yaya ta kama ƙarfen. Ta miƙe.

"Ku sake ni."

Ba su sake ta duka ba, amma sun sassauta. Ta tsaya. Ta dubi ƙafafunta a ƙasa, ta daɗe tana dubansu.

"Ashe kuna nan," ta ce musu.

Ta ɗaga ta dama ta ajiye gaba kaɗan, ta jawo ta hagu. Daga nan numfashi ya ƙare mata, suka mayar da ita gado, gumi ya jiƙa mata wuya. Ta kama hannun Auta ta matse.

"Gobe biyu zan yi. Ki zo da wuri. Ki daina kukan nan kuma, kina jiƙa musu ƙasa."

Washegari ba ta iya ko zama ba. Likita ya ce ciwon ya kama huhu duka biyun, suna ba da magani mafi ƙarfi da suke da shi. Auta ta tare shi a baranda ta tambaye shi, da ta tashi tun rana ta biyu, da hakan ta faru? Ya ce ba wanda zai iya rantsewa, wasu suna tashi da wuri ciwon ya same su duk da haka. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ya dube ta, ya ce da dai ya fi.

Yaya ta ƙara kwana huɗu. Ba ta sake maganar kwali ba, Auta kuma ba ta samu ta tambaye ta ko ta yafe ba, don duk lokacin da ta matso da bakinta sai ta ga numfashin ma da ƙyar yake isarta. Ranar ta huɗu da hantsi, Auta tana gyara mata matashi, Yaya ta cika.