Ba a Taɓa Sata a Turawa ba

Sa'adiya ta gaji da zaman kwamiti. Ita ce mai lissafin hasara a ƙungiyar manoman Karaye da Rogo, aikin da ba a tunawa da shi sai za a rage kashe kuɗi. Yau kuma ragin ya faɗo kan Bappa Halliru, maigadin rumbun masarar ƙungiyar da ke garin Turawa, wanda ke zaune a bakin ƙofa yana jiran ya ji ko yana da sauran aiki.

Ta bi musu lissafin a hankali, don ta san halinsu. Masarar da ke rumbun ta kai naira miliyan shida. Ɓarayi ba sa kwashe duka, sukan tafi da kashi ɗaya cikin biyar, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a sata guda. Rumbun garin Fulatan, da ba shi da maigadi, ana fasa shi kusan sau ɗaya a shekara biyu. Idan aka raba hasarar biyu, dubu ɗari shida ke nan kowace shekara. Da maigadi kuwa, ta ƙiyasta sau ɗaya a shekara goma, hasarar ta sauko dubu ɗari da ashirin. Ashe Bappa yana tsare musu dubu ɗari huɗu da tamanin, albashinsa na shekara kuma dubu ɗari uku da sittin ne. Barinsa a kan aiki ya fi korarsa sauƙi.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Nuruddeen, mutum ne da ba ya yarda da ƙiyasi sai abin da idonsa ya gani. Ya ce Fulatan daban, Turawa daban, a kira maigadin a ji daga bakinsa. Bappa ya shigo ya tsuguna, aka gaisa, Alhaji ya tambaye shi sau nawa aka yi sata tunda ya kama aiki.

Sa'adiya ta san amsar, ta kuma san tsohon ba zai rage komai daga cikinta ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Bappa, yana gyara hula, "ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa fita ba."

Alhaji ya juyo. "To, Malama, ke kika koya mana a ninka hasara da yawan aukuwarta. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu sau sifili, nawa ke nan?"

Ta yi bayani cewa wannan sifilin na rumbu mai maigadi ne, kuma shi ne abin da suke biyan albashi su saya. Aka gyaɗa kai irin na masu son a tashi, sannan aka ɗaga hannu a sallami Bappa ƙarshen wata. Ranta ya ɓaci, amma ƙarfin gardama ya ƙare mata.

A waje ta tarar da Bappa yana sa takalmi, fuskarsa cike da fara'a, don an fitar da shi kafin ƙuri'a.

"'Yata," ya ce, "na dai faɗa musu daidai, ko?"