Wata Yarinya a Gidanmu

Ran da za a fara jarrabawa, tun kafin Malama Mero ta kurɓi kokonta saƙo uku suka shigo wayarta. Ita ce hedimasta a wata 'yar makarantar kuɗi da ke Ƙofar Kabuga, kuma mai makarantar ya riga ya kafa doka: malamin da ya yi fashi yau ba da izininta ba, ya nemi wani aikin.

Na farko na Malama Adama ne, zazzaɓi ya kwantar da ita. "Allah ya ba ki lafiya, ki huta. Zan tsare ajinki," ta rubuta mata.

Na biyu na Nazeer ne, wai zai raka abokinsa gaisuwar surukai. Ji wani iya shege! Amma ta danne, ta rubuta: "Allah ya sanya alheri. Yau kam ba hali, hannu ya yi mana kaɗan. In Alhamis za ta yi, na ba ka."

Na uku daga Malam Hammadu, sabon malamin lissafi, mutumin da sai ka yi da gaske kake jin muryarsa. "Wata yarinya a gidanmu ba lafiya, za a kai ta asibiti. Ina neman izini."

Wata yarinya? Haba! Gidajen cikin gari da yara sun fi kaji yawa, in kowa zai bi 'yar maƙwabta asibiti wa zai tsare aji? Har ta rubuta "ba zai yiwu ba", sai yatsanta ya tsaya. Ta tuno kakarta, Bafulatanar da har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, sai dai "yaron nan".

Ta goge, ta sake: "Subhanallahi, Allah ya ba ta lafiya. Ba sai ka faɗi suna ba, Malam. Ta farin ce?"

Sai ga amsarsa: "Ita ce."

"Tafi maza. Ni zan yi wa mai makaranta bayani."

Ranar ta haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya, ta sha tsaiwa har ƙafafunta suka kumbura, Nazeer kuwa ya zo yana cin magani.

Da aka dawo hutu sai ga Hammadu a ƙofar ofis riƙe da hannun wata 'yar siririyar yarinya. Ya ce jini aka ƙara mata a ranar, duk cikin waɗanda aka gwada nasa ne ya yi daidai. Ya yi mata godiya ƙasa-ƙasa.

Malama Mero ta tuno abin da ta fara rubutawa. A ranta ta yi wa kakarta addu'a, wallahi tsohuwar ta yi mata rana.

"Yaya sunanta?" ta tambaye shi.

Hammadu ya sunkuyar da kai.

"Nana Khadija," in ji yarinyar. "Baba ba ya faɗa."