Fuska Ɗaya

Tun da aka yi musu a kan wani zarto da ya dawo da karyayyun haƙora, wani babban kafinta da ƙaninsa Auta ba su ƙara ce wa juna ci kanka ba. Zarto fa! Mahaifiyarsu ta yi faɗa, ta yi kuka, ta gaji. Ga shi kuma aiki ɗaya ke ci da su, dole kullum su haɗu. Abin na cin yayan a rai, yana son su shirya, amma girman kai ya hana shi farawa.

Rufin wani ɗakin ajiya suke yi. A ƙasa suke haɗa kowane firam, katako kusurwa uku a kwance kan siminti. Yayan ne ke ɗora farantin ƙarfe mai huji-huji a kowace mahaɗa, ya cika hujin da ƙusa. Daga nan a juya firam ɗin, Auta ya buga wa ɗaya fuskar nata farantan, ya gitta dogon katako na tokara don kada ya lanƙwashe wajen ɗagawa. Tokarar nan ita ce shaidar an gama.

Ranar firam na ƙarshe, yayan ya gama fuskarsa ke nan mai ginin ya kira shi duba ƙofa. Ya wuce Auta yana wanke hannu, bakinsa ya motsa zai ce ba a juya ba tukuna, sai ya haɗiye. Ai yana da ido, in ji shi a ransa.

Auta ya zo ya ga faranti ko'ina, ya ɗauka yayan ya yi fuska biyun don ya nuna masa ba ya buƙatarsa. Cikin haushi ya buga tokara ya hau bango. Yayan ya dawo ya ga tokara, ya yi wa mai injin ɗaga kaya alama da hannu.

Firam ya tashi sama. Sai da ya kai saitin bango iska ta juya shi, yayan ya ga bayansa: katako tsirara, ko faranti ɗaya babu. Mahaɗar tsakiyar katakon ƙasa har ta fara buɗe baki, ƙusoshi na zarewa, Auta kuwa yana daidai ƙarƙashinta ya miƙa hannu zai tarba.

"Auta!"

Da wani ne ya kira, da sama zai kalla. Amma muryar yayansa ce, wadda ya daɗe bai ji ta kama sunansa ba. Ya sauke hannu, ya juyo gaba ɗaya, ya duba ƙasa, fuskarsa ta saki.

"Na'am, Yaya?"

Yayan bai samu faɗin sauran maganar ba. Mahaɗar ta ɓalle, katakon ya sauko wa Auta a ƙeya, ya tafi da shi ta bayan bangon.