Rigar da Baba Zamani Ke Zuwa Gona da Ita

Hoto ɗaya tak Afiniki ta samu na mahaifinta, Baba Zamani, wanda yake dariya a ciki. Ita ta ɗauke shi da wayarta bara, a gonar citta a Fadan Kagoma, yana riƙe da fartanya, hularsa a karkace. Sauran hotunansa duk na katin zaɓe ne da na rajistar ikilisiya, fuska a murtuke.

Matsalar ita ce rigar. Shuɗiyar riga ce ta kamfen, an buga fuskar wani ɗan majalisa a ƙirji, da manyan haruffa a ƙasa: AIKI MUKA ZO YI. Baba Zamani bai taɓa zaɓen mutumin ba. An raba rigunan a kasuwa, ya karɓa don tana shan gumi, ya mai da ita ta zuwa gona. Mutumin nan sau biyu yana alkawarin gada a rafin da ya raba unguwarsu da titi. Ranar da ciwon Baba ya tashi ruwa ya cika rafin, sai a kan ƙyauren ɗaki maza huɗu suka ƙetare da shi. Kafin a kai shi asibiti a Kafanchan ya cika.

Ranar Talata, saura kwana huɗu jana'iza, Afiniki ta nemi izini a makarantar da take koyarwa ta tafi shagon hoton Caroline, kusa da tasha. Caroline ta kalli hoton ta ce, "Malama, abin da aka saba yi shi ne a cire kan a ɗora a kan kwat. Minti goma na gama."

"Babana bai taɓa sa kwat ba. Ko ranar aurena babbar riga ya ara. Wannan rigar nake so, yadda ta yamutse a jikinsa. Mutumin kawai za ki cire mini."

Ta nuna mata abin da ta gwada da wata manhaja a waya. Fuskar ɗan majalisar ta tafi, amma ƙirjin Baba ya zama sumul kamar an shafa masa fenti, ninkin da ya taso daga kafaɗa ya zo tsakiya ya ɓace.

Caroline ta yi dariya kaɗan. "Wannan ba riga ba ce, leda ce. Kada ki turo mini ta WhatsApp, yana matse hoto, saƙar yadin duk ta narke. Kawo wayar in jona ta da kwamfuta in ɗauki na asali."

Ta buɗe hoton a kwamfuta ta ƙara girmansa har zaren rigar ya fito ɗaya-ɗaya. Sai ta raba hoton gida biyu, ɗaya a kan ɗaya: na ƙasa ya ɗauki launi da haske da inuwa, na sama ya ɗauki saƙar yadi da ƙananan layuka. Ta fara da na ƙasa. Tana ɗibar shuɗi daga gefen rubutun tana rufe tawadar da shi, mai duhu a inda yadin ya lotsa, mai haske a inda ya tashi.

Tana cikin haka Baba Andrawus ya shigo, ƙanen marigayin, wanda yake shugaban jam'iyyar ɗan majalisar a mazaɓarsu. Ko gaisuwa bai gama ba ya hango allon.

"Afiniki, me kike yi haka? An riga an nuna wa Honorabul hoton nan. Ya ji daɗi sosai. Ya ce shi zai kawo rumfa da kujeru da shinkafa, kuma zai zo da kansa ya yi magana."

"Wa ya nuna masa?"

"Ni. Ɗan'uwana ne."

"Ubana ne, Baba. A kan ƙyaure aka fito da shi. Kana wurin, kai ka riƙe ɓangaren ƙafa. Yanzu kana so a binne shi da AIKI MUKA ZO YI a ƙirji?"

"Ki rage murya. Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake zama da manya ba."

"Shekarata arba'in da ɗaya."

Baba Andrawus ya juya wajen Caroline. "Ke kuma, fastocin kamfen ɗin Honorabul ba a nan ake bugawa ba? Ki yi tunani."

Caroline ba ta ɗago ba. "Baba, mai hoto ta kawo hotonta. In Honorabul ya kawo nasa ya ce in cire masa tumbi, shi ma zan cire. Ka ɗan matsa, kana tare mini haske."

Ya tsaya yana huci, sannan ya ce to su nemi wanda zai ba su rumfa, ya fita.

Afiniki ta koma gefe. Ta zauna a kan benci ta ce, "Na jawo miki."

"Bar shi. Zo ki gani."

Launin tawadar ya tafi, amma gefen haruffan na nan kamar tabon ƙuna, don suna cikin gida na sama. Caroline ta koma can. Tawada ta toshe saƙar da ke ƙarƙashinta, babu abin da za a tono, sai dai a aro. Ta riƙa kwafo saƙa daga wajen ciki inda yadin yake fili, tana dasawa kaɗan-kaɗan, tana bin yadda zaren ya kwanta, tana sauya wurin ɗiba a kai a kai don kada ido ya gane abu ɗaya ne aka maimaita.

Ninki ukun da suka ratsa ta cikin fuskar ɗan majalisar su suka fi cin lokaci. Ta duba inda kowanne ya shiga rubutun da inda ya fita, ta haɗa su, ta duhunta ƙasan ninkin, ta haskaka samansa, don rana daga hagu take a hoton. Na farko bai yi mata ba, ya miƙe kamar an ja shi da rula. Ta goge ta sake.

Da ta zo kan wani duhu a ƙasan wuya ta tsaya. "Wannan fa? In share?"

"Gumi ne. Bar masa."

Sai bayan ƙarfe uku suka gama. Caroline ta rage girman hoton ya koma daidai, ta juya allon. Ga Baba Zamani cikin tsohuwar shuɗiyar riga, wuyanta ya saki, ta tattare a inda fartanya ta danne ta. Afiniki ta daɗe tana nema da ido inda rubutun yake a da, ba ta samu ba. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da ya rasu.

Rumfa ba ta zo ba, shinkafa ma haka. Ranar jana'iza matasan ikilisiya suka kwaso bencina suka jera a ƙarƙashin mangwaro, zumuntar mata suka dafa abin da aka samu, ya kuma isa. An jingina babban hoton a gaban akwatin, an buga shi a bangon takardar tsarin sujada. Baba Andrawus ya zauna can baya.

Honorabul bai zo ba, amma ya aiko wani yaronsa da takarda. Bayan wa'azi mutumin ya matso yana miƙa hannu wajen makirfo. Fasto ya dubi Afiniki. Ta tashi ta karɓi makirfon da kanta.

"Mun gode da zuwa," ta ce. "Ka gaishe shi. Ka ce masa rafin yana nan inda ya bar shi. Yanzu za mu tafi kabari, kuma ta cikin rafin za mu bi. In kana so ka raka mu, ka cire takalmi."

Wata tsohuwa a cikin zumunta ta ɗaga waƙa, sauran suka amsa. Maza suka ɗauki akwatin. Mutumin ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya koma wajen motarsa.